Ƙaho ko jita: ta wace ƙofa za ka shiga tarihin kiɗan hailaif?

Mai son ya gano yadda kiɗan gargajiyar Afirka ta Yamma ya haɗu da kayan kiɗan Turawa, ko ɗalibi ne mai rubuta kundi, ko mai shirya shiri a gidan rediyo, ko makaɗin da ke neman sabon hannu, da wuya ya wuce hailaif na ƙasar Gana. A can ne aka fi adana labarin, kuma daga can ne salon ya yi ta yaɗuwa zuwa Legas da Anaca da Fritawun. Sai dai hailaif ba hanya ɗaya ya biyo ba. Akwai na masu busa ƙahon tagulla, wanda ya taso daga barikin soja ya shiga zaurukan rawa na manyan gari. Akwai kuma na masu jita, wanda ya taso daga bakin tashar jiragen ruwa ya gangara ƙauyukan manoman koko. Wanda ya ce zai kama su duka a lokaci guda yakan ƙare da tarin sunaye a kai, kunnensa kuwa bai koyi komai ba. Dole a fara da ɗaya.

Ra'ayina shi ne mafi yawan mutane su fara da jita. Amma ƙaho yana da hujjojinsa masu ƙarfi, kuma akwai wanda shi ne ya fi dacewa da shi, don haka bari in fara da shi.

Labarin ƙaho ya fara ne a gaɓar tekun Fante, a Cape Coast da Elmina. Turawan Ingila sun daɗe suna da 'yan badujala a ganuwoyinsu na bakin teku, suna busa kiɗan fareti. A shekarun 1870, lokacin yaƙinsu da Asante, suka kawo sojoji baƙaƙen fata daga tsibiran Karebiyan, su kuma waɗannan idan sun tashi daga aiki sai su busa waƙoƙin ƙasarsu, masu bugun da ke kauce wa saukar ƙafa. Samarin Fante suka ji, suka ga ashe ƙahon Bature yana iya yin abin da ya wuce "hagu, dama". Zuwa shekarun 1880 sun kafa nasu ƙungiyoyin, suna busa waƙoƙin gida da kayan soja, aka kira salon adaha. Garuruwan da ba su da kuɗin sayen ƙaho suka ƙirƙiro nasu a shekarun 1930, mai suna konkoma: jerin gwano da tufafi irin na fareti suna nan, amma ganguna da muryoyi ne suka maye gurbin tagulla.

A gefe guda kuma akwai manyan ƙungiyoyin da ke yi wa 'yan boko da attajiran gari kiɗan rawar Turawa, irin su Excelsior Orchestra da aka kafa a Accra a 1914. Su waɗannan waƙoƙin Turai ne abincinsu, sai can tsakiyar dare su saka waƙar titi guda ɗaya da suka yi wa ado da kayan busa. Yebuah Mensah, yayan E.T. Mensah, ya ba da labarin cewa kuɗin shiga irin wannan wuri yakan kai sule bakwai da sisi, ga kuma sharaɗin saka kwat ta dare, saboda haka talakawa sai dai su tsaya a waje suna saurare. Su ne suka laƙaba wa kiɗan sunan da yake amsawa har yau, hailaif, wato rayuwar manya, a shekarun 1920.

Wanda ya mayar da wannan abu ainihin kiɗan rawa na zamani shi ne E.T. Mensah, wanda aka haifa a Accra a 1919 ya rasu a 1996, ma'aikacin haɗa magunguna ne kafin kiɗa ya ɗauke shi gaba ɗaya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi busa tare da sojojin Ingila da ke Accra, ya ga yadda ƙaramar ƙungiya ta mutum tara ko goma ke yin aikin da a da sai mutane da yawa. Ƙungiyarsa, Tempos, ta ɗauki wannan tsari: tirampet, saksafon, tirambon, babbar jitar bas ta tsaye da gangunan jaz. Makaɗinsu Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba, ya dawo daga Landan da kalifso, kiɗan tsibiran Karebiyan, da gangunan Kuba. Suka fara naɗar faifai da kamfanin Decca a 1952, suka riƙa zuwa Legas a farkon shekarun 1950, kuma zuwan nasu ne ya ja hankalin su Bobby Benson da Victor Olaiya suka karkata ga hailaif. Da Louis Armstrong, shahararren mai busa tirampet na Amurka, ya zo Accra a 1956, E.T. Mensah na cikin waɗanda suka yi busa tare da shi.

Ka ga amfanin wannan hanya a fili. Tana da shekaru, tana da sunaye, tana da hotuna da tallace-tallacen jarida, domin kiɗan mutanen da ke karanta jarida ne. Idan abin da kake nema shi ne yadda kiɗa ya tafi kafaɗa da kafaɗa da neman 'yancin kai, ko yadda ya tsallaka iyaka ya zama kiɗan Najeriya, nan ne wurinka. Daga Olaiya za ka kai ga Fela, wanda ya yi zama a ƙungiyarsa yana saurayi. Daga nan za ka kai ga Rex Lawson mai waƙa da harshen Kalabari, har ka iso Arewa wurin Bala Miller, wanda ya rera hailaif da Hausa tare da ƙungiyarsa ta Pirameeds a shekarun 1970. Ga Bahaushen Najeriya, wannan ce hanyar da ta fi kusa da gida.

To amma tana da matsala biyu, kuma ba ƙanana ba ne.

Ta farko, tushen nata ba ya jiyuwa. Babu wanda ya naɗi adaha a shekarun 1880. Abin da muke da shi bayanin baki ne da rubutun masu wa'azin mishan da hayaniyar ta dama, sai kuma ƙungiyoyin badujala na jana'iza da bukukuwa da suka gaji salon. Wato a daidai gaɓar da kake son ka ji haɗuwar ta faru, karantawa kawai za ka yi.

Ta biyu ta fi muhimmanci. A cikin hailaif na ƙaho, ɓangaren Turai ne a sama, na gida yana ƙasa. Masu busa suna karanta takarda, an tsara wa kowa layinsa, waƙar tana da mabuɗi da amshi da gurbin da mai tirampet zai yi gwaninta shi kaɗai, duk bisa tsarin kiɗan rawa na Amurka da Ingila. Sabon kunne yakan ji ƙahonin nan masu daɗi ya ce ai wannan kalifso ne, ko kiɗan Kuba ne, kuma ba a ce ya yi ƙarya gaba ɗaya ba, don Tempos sun naɗi kalifso na gaske da yawa. Abin da ya mayar da shi na Gana yana can ƙarƙashi, cikin 'yan sandunan da ake bugawa da kacau-kacau da yadda murya ke hawa da sauka. Sai wanda ya riga ya san abin da yake nema ne zai tsamo shi.

A nan jita ta sha bamban. Matuƙan jirgin ruwa 'yan ƙabilar Kru na Laberiya, waɗanda jiragen Turawa ke ɗauka aiki tun daga Fritawun har gaɓar Kwango, su ne suka yaɗa ta. Ba su kaɗa ta yadda Bature ke sharɓar tsirkiyoyi duka a tare ba. Yatsa biyu suka yi amfani da su, babban yatsa da manuni: babban yana riƙe da tsirkiyoyi masu kauri, manuni yana tsinkar sirara, kowanne da nasa bugun, suna saɓawa suna haɗuwa. Duk wanda ya taɓa zura wa hannun mai molo ido ya san irin wannan aiki. A mashayar bammi ta bakin tasha aka fi jin su, shi ya sa ake ce wa salon kiɗan bammi. Kayan rakiyarsa ba su da tsada: kwalba da ake bugawa da ƙusa ko wuƙa, 'yan sanduna biyu, da akwatin katako mai harsunan ƙarfe da ake zama a kai ana tsinka, wanda Akan, al'ummar da ta haɗa da Fante da Asante, ke kira prempensua.

Wani Bafante mai suna Kwame Asare, wanda aka fi sani da Jacob Sam, ya koyi wannan hannu daga wani Bakru. A 1928 shi da abokansa biyu, da sunan Kumasi Trio, suka je Landan kamfanin Zonophone ya naɗe su. Cikin abin da suka naɗa akwai "Yaa Amponsah", wadda tsarin jitarta ya zama ginshiƙin da aka ɗora ɗaruruwan waƙoƙin hailaif a kai. Faifan nan yana nan, an sake fitar da shi, kana iya saurarensa yau. Wannan kaɗai babbar riba ce a kan hanyar ƙaho: kusa da tushe kake tsaye, kuma kayan kiɗan kaɗan ne, babu abin da ya rufe wani.

Da jita ta bar bakin teku ta shiga ƙasar Asante da sauran yankunan koko, sai ta tarar da seprewa, wani abin kiɗa mai tsirkiya na Akan da ake raka waƙar yabo da karin magana da shi. Makaɗan ƙauye suka ɗauke salon seprewa suka ɗora a kan jita, aka samu abin da suke kira odonson. A wannan salo jita ta daina bin jerin sautukan Turai da ke tafiya su dawo gida. Tana kai-komo ne tsakanin matsayi biyu na kamun tsirkiyoyi, mawaƙi yana zuba magana a kai, kusan kamar yana hira. Twi, yaren Asante, harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, ma'anar kalma tana canzawa idan murya ta hau ko ta sauka, saboda haka waƙa ba ta da 'yancin ta bi duk inda jita ta so. Jitar ce ke bin harshe. A hailaif na ƙaho an ɗauko waƙar gida an sa mata kwat. A nan kuwa baƙon ne aka zaunar aka koya masa yaren gari. Wannan bambanci shi ne dalilin zaɓina.

Ga yadda za ka gwada da kanka, ba sai kana da jita ba. Ƙirga daga 1 zuwa 8 a hankali, kana maimaitawa. Taka ƙafa a kan 1 da 3 da 5 da 7. Sannan ka yi tafi a kan 4 da 6 da 8 kaɗai. Za ka lura tafin bai taɓa sauka tare da ƙafa ba, kuma farkon zagayen shiru ne, babu tafi a wurin da kiɗan fareti zai fi dukan ganga. Wannan tafi uku da ke faɗawa tsakanin taku shi ne sananniyar alamar hailaif. Kuskuren da kusan kowa ke yi da farko shi ne, bayan zagaye uku ko huɗu sai tafin ya zame ya koma kan ƙafa. Idan ka ji hannunka da ƙafarka sun sauka tare, ka ɓata, koma ka rage sauri.

Idan wannan ya zauna, gwada na biyu. Ƙirga 1 zuwa 12. Ƙafa a kan 1 da 4 da 7 da 10, tafi a kan 1 da 3 da 5 da 8 da 10. Wannan zagayen mai sha biyu shi ne irin wanda ƙararrawar ƙarfe ke bugawa a kiɗan gargajiya da yawa na gaɓar tekun nan, kuma irinsa za ka fi ji a ƙarƙashin odonson. Yanzu saka faifan Kumasi Trio, ko na Kwaa Mensah ɗan'uwan Sam da ya gaje shi, ko na Koo Nimo na Kumasi wanda ya riƙe salon har zamaninmu. A kowace waƙa ka tambayi kanka abu ɗaya: mai takwas ce ko mai sha biyu? Ka bi kwalba ko sanduna, kada ka bi murya, don murya takan shigo a makare ko ta riga bugu da gangan. Bayan ka yi wannan da waƙoƙi kamar goma, sai ka saka Tempos. Abin da a da ka ji kamar kalifso zai buɗe, za ka ji tafin nan uku yana tafe a ƙarƙashin ƙahoni, wani lokaci ma ƙahonin da kansu ne ke busa shi a gajarce.

Mai jita a hannu yana da ƙarin mataki. A mabuɗin C, zagayen da ake dangantawa da "Yaa Amponsah" yana bi ne ta C, ya wuce C7, ya sauka F, ya hau G7, ya dawo C. Matsayin C7 ɗin nan ne ya kamata ka tsaya a kai. Yana ɗauke da sauti na bakwai da aka ɗan sassauto, wanda waƙar Akan ta gargajiya ma take amfani da shi, shi ya sa kunnen Bafante bai ji shi baƙo ba. Haka kuma Akan sun saba rera waƙa da murya biyu da ke tafiya tare, ɗaya a saman ɗaya da tazarar sauti uku, tun kafin zuwan waƙoƙin coci. Wannan dacewa ta taimaka ƙwarai wajen saurin haɗuwar. Mu kuwa waƙarmu ta Hausa ta fi tafiya a kan sauti biyar, 'yan amshi kuma murya ɗaya suke bi, saboda haka wanda zai ɗora waƙar Hausa a kan wannan zagaye zai ga wasu gaɓoɓin suna karo da jita. Ba laifin hannunsa ba ne, kuma maganin shi ne ya rage yawan canjin matsayi, ya kusanci tsarin odonson.

Idan kuma niyyarka kafa ƙungiya ce, batun kuɗi da horo zai yanke maka hukunci tun kafin tarihi ya yi magana. Mutum uku da jita ɗaya da kwalba sun isa su fara kiɗan bammi a yau. Hailaif na ƙaho yana son aƙalla masu busa uku, ga masu ganguna da bas, ga wanda ya iya rubuta wa kowa layinsa. Akwai kuma wani tarko da ke kama sababbi: tirampet da babban saksafon na teno an gina su a kan B♭, ƙaramin saksafon na alto kuma a kan E♭. Idan mai jita ya ce ana C, mai tirampet D zai karanta, mai alto kuma A. Ƙungiyar da ba ta san wannan ba za ta yi ta zargin kayan busa da lalacewa alhali lafiyarsu ƙalau. Tsadar riƙe irin wannan ƙungiya ce ma ta taimaka wajen durƙusar da manyan ƙungiyoyin Gana, da tattalin arziki ya taɓarɓare a ƙarshen shekarun 1970, sannan dokar hana fitar dare ta biyo bayan juyin mulkin ƙarshen 1981 ta rufe wuraren rawa, aka kuma ɗora haraji mai nauyi a kan kayan kiɗan da ake shigowa da su. A Najeriya yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ne ya watsa ƙungiyoyin Legas, don da yawan makaɗan 'yan gabas ne, sai juju na Yarbawa, wanda shi ma ɗan gidan jitar bammi ne, ya cike gurbin.

Ba zan ɓoye raunin hanyar jita ba. Rabin daɗinta yana cikin magana, maganar kuwa da Twi ko Fante ake yi, cike da karin magana da habaici. Waƙar Nana Ampadu ta 1967, "Ebi Te Yie", tatsuniya ce ta taron dabbobi inda damisa ke cin zalin gada, jama'a kuma suka fassara ta da siyasar lokacin. Wanda ba ya jin harshen zai ji jita mai daɗi kawai ya wuce. Hausawan zango na Kumasi da Accra, waɗanda da yawansu Twi a bakinsu yake, sun fi mu sa'a a nan. Na biyu, tsofaffin faifan garmaho ba su wuce kamar minti uku a kowace fuska, alhali a mashaya ko a dandali waƙa ɗaya takan yi tsawo yadda mawaƙi ya ga dama. Abin da ka ji a faifan 1928 guntu ne da aka datse don ya shiga faifai, ga ƙarar tsufa da ke cinye sautin kayan rakiya. Na uku, masu jita ba su bar takardu ba, an raina su a matsayin mashaya, don haka shekaru da sunaye sukan yi ƙaranci. Mai rubuta kundi zai buƙaci ya jingina da aikin da masanin kiɗa John Collins ya yi na hira da tsofaffin makaɗa da ma'ajiyar da ya kafa a Accra, da kuma ma'ajiyar sauti ta Jami'ar Gana da ke Legon.

Kada kuma a ɗauka hanyoyin biyu sun tafi ba su sake gamuwa ba. A farkon shekarun 1950 E.K. Nyame ya ƙara wa ƙungiyarsa ta jita bas da gangunan da ya gani wurin masu ƙaho, ya haɗa ta da wasan kwaikwayo na yawo gari-gari da harshen Akan. Da jitar lantarki ta zo, sai masu jita suka fara kaɗa layukan da a da ƙahoni ke busawa. A gabashin Najeriya bayan yaƙi, su Oriental Brothers da Oliver De Coque da Prince Nico Mbarga suka ƙara da salon jitar Kwango, yayin da Osita Osadebe ya riƙe ƙaho da jita tare. Waɗannan faifan na shekarun 1970 su ne suka fi sauƙin samu kuma suka fi daɗin sauti, shi ya sa mutane da yawa ke farawa da su. Ina ganin kuskure ne ga mai bin diddigi, domin a lokacin an riga an gauraya komai, ba za ka iya ware abin da ya zo daga bariki da abin da ya zo daga tasha ba.

Saboda haka, idan tambayarka ta tarihi ce, wa ya koya wa wa, yaushe salon ya iso Legas, me ya haɗa shi da siyasar 'yanci, kuma lokacinka kaɗan ne, kama E.T. Mensah ka bi sawunsa zuwa Najeriya. Za ka sami abin rubutawa da hujjar kare shi. Idan kuwa tambayarka ita ce ta yaya bugun gida ya shiga kayan baƙi, ko kana son hannunka ya iya, fara da Kumasi Trio, ka wuce Kwaa Mensah da Koo Nimo, ka zo E.K. Nyame, sannan ka saka faifan Tempos na 1952 kana tafi a kan 4 da 6 da 8.